Fulayar makarantar da ta haɗiye lambar waya

Ranar wata Asabar da hantsi, ina buɗe shago ke nan, sai ga sakataren wata makarantar Islamiyya ta unguwarmu riƙe da ƙunshin takardu a leda. Ko gaisawa ba mu gama yi ba ya zaro guda ya shimfiɗa min a kan tebur.

"Malam, dubi abin da yaronka ya buga mana. Tun jiya bayan Juma'a mutane suke zuwa wai a ba su fom kyauta."

Fulaya ce ta ɗaukar sababbin ɗalibai, girman A5, wato sentimita 14.8 a faɗi da 21 a tsayi. Shi ya tsara ta da kansa a Word a kan laftof ɗinsa, ya turo fayil ɗin ta WhatsApp ranar Alhamis da yamma, lokacin ba na nan. Yarona ya buɗe, ya ga launuka sun fito, ya jera biyu-biyu a kan A4 ya buga kofi 500, ya yanka. Wani ɗalibi ya zo ya karɓa, washegari aka raba kusan ɗari a ƙofar masallaci kafin wani daga cikin malaman ya tsaya ya karanta.

Matsala uku na gani a jikin takardar. Akwai jan da'ira a gefen dama wadda ya kamata ta ce "FOM KYAUTA ga marayu", sai ta fito "FOM", "KYAU", "TA", layi uku, marayun kuma sun ɓace. Akwai koren akwati a ƙasa mai bayanin ranaku, wanda sakataren ya rantse ya rubuta lambar waya a cikinsa, amma babu ko alamarta. Sai kuma kanun sama mai layi biyu da suka matsu har suna goga juna. Shi a wurinsa laifi ɗaya ne kuma na shagona ne. Da muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ya zama kowacce da nata sanadin, ba kuma a kwamfuta ɗaya aka haife su ba.

Abin da ya kamata a fara sani game da Word shi ne, idan rubutu ya fi ƙarfin akwatinsa, ba ya gogewa kuma ba ya malalowa waje. Word ɓoye shi yake yi, shiru, ba jan layi ba gargaɗi. Rubutun yana nan a cikin fayil, sai dai bangon akwatin ya tare shi kamar wanda ya tsaya bayan labule. Don haka tambayar farko ba "me ya goge?" ba ce. Tambayar ita ce, me ke ciki da ba a gani?

Lambar wayar

Na ce ya kawo laftof ɗin. Ya koma ya ɗauko, muka buɗe ainihin fayil ɗin a kan na'urar da aka tsara shi. Koren akwatin na nan da layi uku tsaf: ranar fara sayar da fom, ranar rufewa, ranar jarrabawa. Babu lambar waya a nan ma. Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai ya san ya rubuta.

Na danna cikin akwatin, na danna `Ctrl+A` don in zaɓi duk rubutun da ke cikinsa, na kwafa na liƙa a Notepad. Layi huɗu suka fito. Na huɗun shi ne "Don ƙarin bayani a kira" da lambar. Gaskiyarsa, ya rubuta. Tun bara ya rubuta ta, lokacin akwatin yana da layi uku. Bana sai ya buɗe fayil ɗin bara, ya ƙara layin ranar jarrabawa a tsakiya, lambar ta gangara ƙasa ta faɗa bayan bango. Da ya duba allo ya ga layi uku sun cika akwati daidai kamar yadda ya saba gani, ido ya gamsu.

Abin da ya ba ni sha'awa a nan shi ne yadda layin ya ɓace ɗungurungum. Yawanci idan akwati ya yi kaɗan, ana ganin rabin haruffan layin ƙarshe, kawunansu a waje ƙafafunsu a yanke, wannan kuma shi ke farkar da mutum. Nan babu ko ɗigo. Sai da na yi lissafi na gane dalili, kuma lissafin nan shi ne jigon gyaran gaba ɗaya.

Ana auna rubutu da foyin, abin da Word ke rubutawa `pt`. Foyin 72 ne inci ɗaya, sentimita ɗaya kuma foyin 28 ne da 'yan ɗori. Tsayin akwatin sentimita 3 ne, wato kusan foyin 85. Amma ba duka ne na rubutu ba, domin kowane akwati yana da tazara ta ciki tsakanin bango da rubutu: sentimita 0.13 sama da ƙasa, 0.25 hagu da dama, idan ba a taɓa su ba. Cire na sama da na ƙasa, saura kusan foyin 78. Wannan ne ainihin ɗakin da rubutu zai kwana.

Rubutun Calibri ne saiz 14. Mutane da yawa suna ɗauka layin saiz 14 foyin 14 yake ci, alhali kowane salon rubutu yana ɗauke da nasa ƙarin fili sama da ƙasan harafi. Na Calibri ya kai kusan kashi 22 cikin ɗari, don haka layi ɗaya foyin 17 ne da kaɗan. Sannan a Word 2013 zuwa 2021, sabon fayil yana zuwa da tazarar layi `Multiple 1.08`, wadda ta mai da shi foyin 18 da rabi, kuma duk inda aka danna `Enter` sai Word ya ƙara foyin 8 a bayan sakin layin. Sakataren ya danna `Enter` a ƙarshen kowane layi. Ke nan kowane layi da gibinsa ya ci foyin 26 da rabi. Uku sun haura 79. Ɗakin kuwa 78 ne. Layi na huɗu ya fara ne daidai bayan bango, da tazarar da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Da akwatin ya fi haka tsayi da milimita uku, da an ga kawunan haruffa an gyara tun a gida.

Yarona yana tsaye a bayana, yana so ya wanke kansa, sai ya ce, "Oga, ai sai a sa otofit kawai."

Na bar shi ya gwada, don gani ya kori ji. Ya danna dama a kan bakin akwatin, ya zaɓi `Format Shape`, ya shiga `Layout & Properties`, ya buɗe `Text Box`, ya sa alama a `Resize shape to fit text`. Nan take akwatin ya miƙe ƙasa, ya kusa kai sentimita 4. Lambar ta samu wuri a cikin akwati kam, sai dai ƙasan akwatin ya shige ƙarƙashin baƙar ɗamarar da ke ɗauke da adireshin makarantar, ita kuma tana samansa a jeri. Lambar ta sake ɓacewa, wannan karon wani abu ne ya rufe ta. An gudu ba a tsira ba.

Wannan zaɓin ba shi da laifi a kansa. A takardar da abubuwa ke bin juna daga sama zuwa ƙasa yana da amfani sosai. Amma fulaya ba haka take ba. Kowane abu an dasa shi a wurinsa, idan ɗaya ya kumbura maƙwabcinsa ba ya matsawa, hawa kansa yake yi ko ya shige ƙarƙashinsa. Ni ina amfani da shi ne a matsayin ma'auni: in sa alamar in ga iya girman da rubutun yake nema, in karanta tsayin a `Size`, sannan in cire alamar in yanke shawara da kaina. Nan ya gaya mana muna neman ƙarin kusan sentimita ɗaya, takardar kuma ba ta da shi.

Wannan gwajin ya kuma nuna wani abu da ke rikita mutane. Rubutun da akwatinsa ya ɓoye da rubutun da wani abu ya rufe, a ido iri ɗaya ne. Hanyar rarrabewa ita ce `Alt+F10`, wadda ke buɗe `Selection Pane`, jerin duk abubuwan da ke shafin, kowanne da alamar ido a gefensa. Ka rufe idon abin da kake zargi. In rubutun ya bayyana, rufe shi aka yi, maganinsa `Bring Forward` ko matsar da ɗayan. In bai bayyana ba, matsalar tana cikin akwatin.

Sakataren ya ce to a rage saiz zuwa 11. Shi ne abin da hannun kowa ke fara kaiwa gare shi, ni kuma shi nake ajiyewa a ƙarshe. Takardar da za a miƙa wa dattijo a ƙofar masallaci, ya karanta a tsaye cikin rana, in ka mai da lambar waya saiz 11 farare a kan kore, kusan daidai take da wadda ba a buga ba. Kuma ba haruffan ne suka cinye wurin ba, gibin da ke tsakaninsu ne. Na zaɓi duk rubutun, na buɗe `Paragraph`, na mai da `After` daga 8 zuwa 0, `Line spacing` kuma `Single`. Layi huɗu sau foyin 17 da kaɗan, kusan 68 ke nan a ɗaki mai 78. Duka huɗun suka fito a saiz 14, akwatin bai motsa ba, har da rarar kusan foyin 9. Kafin in bar shi na danna `Ctrl+Shift+8` don in ga alamomin sakin layi, domin sau da yawa akan tarar da `Enter` biyu ko uku marasa komai a saman akwati suna tura rubutu ƙasa. Nan ba mu tarar ba.

Da'irar da ta kori marayu

Wannan kam a laftof ɗinsa lafiya lau take: "FOM", "KYAUTA", "ga marayu", layi uku cikin jan da'ira. Da muka buɗe fayil ɗin a kwamfutar shago sai ga "KYAU" da "TA". Na dubi yarona, ya dubi ƙasa.

Sakataren ya yi amfani da wani salon rubutu mai suna Bebas Neue da ya sauko da shi daga intanet, dogayen haruffa siraru, irin waɗanda masu fosta ke so. Fayil ɗin Word ba ya tafiya da salon rubutu in ba an umarce shi ba, sunan kawai yake ɗauka. Kwamfutata ba ta da shi, sai Word ya maye gurbinsa da wani ba tare da ya tambayi kowa ba. Abin haushin ma, in ka danna kalmar, sunan da ke saman allo yana nan Bebas Neue, alhali abin da idonka ke gani wani ne daban. Inda asirin ke tonuwa shi ne `File`, `Options`, `Advanced`, sannan maɓallin `Font Substitution`. Nan ya nuna mana sunan da ya rasa da wanda ya ara, Arial.

Arial a saiz 28 ya fi wancan faɗi nesa ba kusa ba. Kalmar "KYAUTA" ita kaɗai ta kusa sentimita 4. Sakataren ya ce, "To ai da'irar sentimita 5 ce, me ya hana ta shiga?" Tambaya ce mai kyau, kuma a nan gizo ke saƙar. Word ba ya zuba rubutu ya bi zagayen da'ira. Wani murabba'i yake zanawa a ɓoye a cikinta, wanda kusurwowinsa huɗu ke taɓa bakin da'irar, a nan kaɗai rubutu ke zama. Faɗin murabba'in nan kashi 71 cikin ɗari ne na faɗin da'irar. Da'ira mai sentimita 5 tana ba ka kusan 3.5, ka cire tazarar hagu da dama, saura 3 da ɗan kaɗan. Kalma mai sentimita 4 ba ta da inda za ta shiga, kuma tunda babu sarari a tsakiyarta da za a karya a kai, Word ya karya ta a inda bango ya tsai da shi, bayan harafi na huɗu. Layi biyu suka zama uku, suka cinye tsayin murabba'in, "ga marayu" ta faɗa waje. Haka abin yake a tauraro da dala da kibiya, ɗakin rubutunsu ya fi abin da ido ke gani ƙanƙanta sosai, na tauraro ma ya fi muni.

Na taɓa ganin masu gyara wannan ta hanyar cire alamar `Wrap text in shape`. Kalmar takan daina karyewa, amma an cire birki ne gaba ɗaya, duk layin da ya yi tsawo zai miƙe ba inda zai tsaya. Wasu kuma sukan mai da tazarar ciki sifili, su samu rabin sentimita. Wani lokaci ya isa, nan bai isa ba, 3.5 bai kai 4 ba.

Abin da na yi shi ne na raba aure tsakanin da'ira da rubutunta. Na kwashe rubutun daga cikinta, ta zama jan faifai kawai. Na zana sabon akwatin rubutu mai faɗin sentimita 5, na ba shi `No Fill` da `No Outline`, na mai da tazarar cikinsa sifili, na ɗora shi a kan da'irar. Yanzu ni ke da iko da faɗin. Doguwar kalmar na sa ta a layin tsakiya inda da'ira ta fi faɗi, gajerun a sama da ƙasa inda take tsukewa. Na zaɓi biyun tare na yi musu `Group` don kada wani ya ja ɗaya ya bar ɗaya. Salon kuma na mai da shi Arial mai kauri da gangan, saiz 24, tunda da wuya ka samu kwamfutar Windows da ba ta da shi. Bai kai na farko kyau ba, na yarda. Sakataren ya ɗan yatsina fuska. Na ce masa in yana son nasa, ya yi gyaran a laftof ɗinsa ya fitar da PDF, za mu zo kan wannan.

Kanun sama bai ɗauke mu lokaci ba, amma ya shafi masu rubuta Hausa fiye da kowa. Rubutun shi ne "Ɗaukar sababbin ɗalibai, sashen haddar Alƙur'ani", saiz 26, layi biyu. Don ya tura su cikin akwati, sakataren ya sa `Line spacing` a kan `Exactly` da foyin 20. Ma'anar `Exactly` ita ce, layi ba zai wuce abin da ka ba shi ba ko harafi ya fi shi tsayi. A takarda layukan sun cunkushe, a allo kuma an aske kawunan dogayen haruffa. To lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ a ka take. In aka aske ta, ɗalibai ta koma dalibai, ƙ ta koma k, mai dubawa kuma ya ɗauka kuskuren bugawa ne ya goge ya sake rubutawa, abin bai gyaru ba. Haka yake faruwa da wasulan Larabci in an sa Bisimilla a saman fulaya. Akwai kuma wata ƙaramar masifa da ke tare da wannan: salon ado da yawa ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai Word ya aro ƙ ɗin daga wani salo, ka ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma, wani lokaci har ya ƙara wa layin tsayi ya turo na ƙasa waje. Mun mai da tazarar `Single`, muka rage kanun zuwa 22, muka ƙara wa akwatin tsayi ta sama inda akwai fili. Nan kam rage saiz ya halatta, domin kanu mai 22 a kan A5 ana hango shi daga nesa.

Yarona ya fi sabawa da PowerPoint, shi ya sa otofit ke bakinsa. Can hali daban ne. Rubutun da ya yi yawa ba ya ɓuya, malalowa yake yi ƙasan akwati ya hau kan abin da ke wurin, mummuna amma a bayyane. Kuma zaɓi uku ne a can: `Do not Autofit`, `Shrink text on overflow`, da `Resize shape to fit text`. Na tsakiyan, mai ƙanƙantar da rubutu da kansa, babu shi a akwatin Word, kada ka wahala nemansa. Ko a PowerPoint ɗin ban cika son sa a fulaya ba, domin akwatuna uku da ka ba saiz ɗaya za su iya ƙarewa kowanne da nasa, gwargwadon yawan maganar da ke cikinsa, takarda ta fito kamar mutum uku ne suka tsara ta. CorelDRAW, wanda masu ɗab'i da yawa ke aiki da shi, ya fi su gaskiya: firam ɗin rubutu yakan koma ja idan akwai abin da ya rage a ɓoye. Da Word yana da wannan jan layin, da lambar wayar nan ba ta ɓata ba.

Fitar da ita

Da muka gama, na nuna wa sakataren `Save As` da zaɓin PDF. PDF yana daskarar da shafi yadda yake, yana kuma ɗaukar haruffan salon da aka yi amfani da su a cikinsa, don haka abin da ya fito daga laftof ɗinka shi zai shiga firinta, ko an buɗe shi a waya. Amma a kula da abu biyu. Dole a fitar da shi a kan na'urar da ke da salon, in ka kawo min fayil ɗin Word na fitar a tawa, Arial ɗin aro zan daskarar. Na biyu, PDF ba ya gyara komai. Da ya turo PDF ranar Alhamis, da da'irar ta tsira, lambar waya kuwa da ta ɓace kamar yadda ta ɓace, sai ma ta fi wuyar ganowa tunda babu akwatin da za a danna a kwafo abin da ke ciki. In lallai sai an tura fayil ɗin Word don wani ya ƙara gyara, akwai `Embed fonts in the file` a ƙarƙashin `File`, `Options`, `Save`, sai dai ba kowane salo ne lasisinsa ya yarda a cusa shi ba, kuma manhajojin waya irin su WPS Office ba lallai su nuna shafin yadda Word ya tsara shi ba.

Na buɗe PDF ɗin na ba shi, na kuma buɗe Notepad a gefe da rubutun kowane akwati da na kwafo. Na ce ya karanta min daga PDF da ƙarfi ni ina bin na Notepad da yatsa. Ya yi dariya ya ce kamar muraja'a. Minti biyu ya ɗauke mu. Sannan na buga kofi ɗaya tak, na yanka, don in ga bakin takarda, tunda firintar ofis tana barin 'yan milimita a gefe da ba ta iya bugawa, kuma wannan ma wani yankan ne da ake ɗora wa akwati laifinsa. Adireshin yana da tazarar kusan sentimita ɗaya daga baki, ya tsira.

Sai maganar kuɗi. Ya ce, "Malam, yanzu ya za mu yi da na farkon?" Na ce da'irar laifinmu ce, domin ko ba mu san abin da ya kamata ta ce ba, "KYAU TA" ba Hausa ba ce, wanda ya buga kofi 500 bai karanta ɗaya ba ba shi da bakin magana. Lambar waya da kanu kuwa daga gidansa suka zo. Muka raba: ni na ɗauki tawada da aiki, makaranta ta sayi takarda. Sauran ɗari huɗun da ba a raba ba na karɓe su, bayansu fari ne, muna gwajin firinta da su har yanzu. Waɗanda suka riga suka zo neman fom kyauta, shugaban makarantar ne ya yi ta ba su haƙuri, na ji ma an ce wasu ya ba su ɗin don kunya.

Bayan kwana huɗu sakataren ya kira ni da daddare. Kwamiti ya ce a ƙara lambar asusun banki a koren akwatin, ya ƙara, ya kuma danna `Ctrl+A` ya kwafa a Notepad kamar yadda ya ga na yi, layi biyar ne a can, a allo kuma na biyar ƙafafunsa a yanke. Na ce ya ninka 17 sau biyar. Ya ce 85. Na ce ɗakin nawa ne? Ya ce 78. Na ce to ko dai ya haɗe ranar farawa da ranar rufewa a layi ɗaya, in faɗin sentimita 11 da rabi zai ɗauke su, ko ya ɗaga akwatin sama ya mai da tsayinsa 3.4, ya rage hoton ɗaliban da ke samansa. Ya ce hoton ba zai taɓu ba, 'yar shugaban makaranta na ciki. Ya haɗe ranakun.